Karatun inbata da batirin sola

Karatun inbata da batirin sola shi ne duba lambobin da inbata ke nunawa a allonta, haɗe da waɗanda ake aunawa a kan batir, domin a gane ko wutar solar shago ko gida tana aiki yadda ya kamata. Lambobin da aka fi dubawa su ne yawan wutar da farantan sola ke bayarwa, bolt ɗin batir, yawan wutar da ke shiga batir ko fita daga cikinsa, da nauyin kayan da aka jona, wanda masu gyara ke kira lodi. Babbar ƙa'idar wannan karatu ita ce lamba ɗaya ba ta wadatarwa. Bolt 24.6 a batir yana iya zama alamar lafiya da asuba, amma ya zama alamar matsala da ƙarfe huɗu na yamma. Saboda haka ana karanta kowace lamba ne tare da lokacin da aka ɗauke ta da kuma abin da batirin ke yi a lokacin, wato ko yana shan caji, ko yana ba da wuta, ko yana hutawa.

A Najeriya, ƙananan shaguna da yawa sun koma amfani da sola bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wanda ya sa tafiyar da janareta ta yi tsada. A irin waɗannan shaguna batir ne ɓangaren da ya fi saurin lalacewa, kuma yana cikin mafi tsada. Yawancin abubuwan da ke kashe shi suna bayyana a lambobin allo makonni kafin wuta ta fara ɗaukewa da dare.

## Ma'aunai

Ma'aunai huɗu ne ake buƙata. Bolt, wanda allo ke rubutawa da V, yana nuna ƙarfin da ke tura wuta. Amfiya, wadda ake rubutawa da A, tana nuna yawan wutar da ke gudana a cikin waya. Wat, wanda ake rubutawa da W, shi ne aikin da wutar ke yi a daidai wannan lokaci, kuma ana samunsa ta hanyar ninka bolt da amfiya. Na huɗu shi ne wat-awa, Wh, wato jimillar wutar da aka samu ko aka sha cikin wani lokaci. Wh 1,000 shi ne kWh 1, wanda shi ne yunit ɗaya a mitar wutar lantarki.

Ana rubuta girman batir da Ah. Idan aka ninka shi da bolt ɗin batirin, sai a san yawan wutar da yake iya riƙewa:

```
W  = V × A
Wh = V × Ah
24 V × 200 Ah = 4800 Wh
```

Yawancin baturan dalma ana sayar da su ne a bolt 12. Idan aka haɗa biyu a jere, wato kan ja na wannan zuwa kan baƙi na wancan, bolt ɗin ya zama 24 amma Ah bai ƙaru ba. Idan huɗu ne, ya zama 48. Duk lambobin bolt da aka bayar na batir mai 12 ana ninka su biyu ga tsarin 24, a ninka su huɗu ga tsarin 48.

## Abin da allon inbata ke nunawa

Inbatar da aka fi sa wa shaguna a yau tana haɗa ayyuka uku a akwati guda. Tana cajin batir daga farantai, tana cajinsa daga wutar NEPA ko janareta idan akwai, sannan tana mayar da wutar batir zuwa irin wadda kayan shago ke amfani da ita. Ana danna maɓallin sama ko na ƙasa domin allo ya sauya shafi. Rubutun ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, amma galibi ana ganin irin wannan:

```
PV      870 W
BATT    27.1 V   24 A
OUTPUT  230 V    50.0 Hz
LOAD    10 %     200 W
```

PV yana nufin ɓangaren farantai, BATT batir, OUTPUT wutar da ke fita zuwa soket, LOAD kuma lodi. Layin OUTPUT shi ne mafi sauƙin fahimta, domin a lafiyayyar inbata ba ya motsi sosai: yana tsayawa kusa da bolt 220 ko 230, gwargwadon yadda aka saita, da 50 Hz. Sauran layuka uku ne ke buƙatar fassara.

Hoton batir mai sanduna huɗu da ake gani a allo ba abin dogaro ba ne idan batirin dalma ne. Inbatar tana ƙiyasta shi ne daga bolt kawai. Lokacin caji bolt yana hawa, sai hoton ya nuna batir ya cika alhali da sauransa. Idan firiza ta tashi bolt yana sauka, sai hoton ya zube alhali cajin bai ragu ba.

## Karatun farantai

Lambar da aka rubuta a bayan faranti, misali W 300, an auna ta ne a ɗakin gwaji, da haske mai wat 1,000 a kowace murabba'in mita, faranti kuma yana da ɗumin digiri 25 a ma'aunin Selshiyos. A kan rufin kwano a arewacin Najeriya ko Nijar, faranti yana kai digiri 60 ko fiye da tsakar rana a lokacin bazara. Kowane digiri ɗaya sama da 25 yana rage ƙarfinsa da kusan kashi 0.4 cikin 100. Wannan kaɗai yana cinye kusan kashi 14 cikin 100, kafin a lissafa asarar waya da ta na'urar caji. Shi ya sa ake ɗaukar kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na abin da aka rubuta a matsayin sakamako mai kyau da tsakar rana. Farantan da jimillarsu ta kai W 1,200, idan suka nuna 850 zuwa 950, lafiyarsu ƙalau.

Akwai wani abu da ke rikita mutane da yawa. Lambar PV ba ta nuna abin da farantai za su iya bayarwa, tana nuna abin da ake karɓa ne daga gare su. Idan batir ya cika kuma lodi kaɗan ne, na'urar caji tana rage jan wuta da kanta. Ana iya ganin W 250 kacal da ƙarfe biyu na rana, rana kuwa tana ƙwallewa, kuma babu abin da ya lalace. Don haka ana gwada farantai ne tsakanin ƙarfe sha ɗaya da sha biyu, lokacin da batir ke neman caji sosai. Idan ya riga ya cika, sai a kunna wani abu mai jan wuta, kamar dutsen guga, a ga ko lambar za ta hau. Idan ta hau, farantai ba su da laifi.

Idan lambar ta yi ƙasa alhali batir yana jin yunwa, abu na farko da ake zargi shi ne ƙura, musamman a hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazo ke rage hasken rana kuma ƙura ke kwanciya a kan gilashi. Alamar ƙura ita ce amfiya ta ragu amma bolt ɗin PV bai sauya sosai ba, kuma raguwar tana zuwa ne a hankali cikin makonni. Inuwar tankin ruwa, eriya ko reshen bishiya tana bayyana ne a lokaci guda kowace rana. Idan kuwa lambar ta faɗi zuwa rabi dare ɗaya a tsarin da ke da layin farantai biyu, to ana duba fiyus ko mahaɗar waya, domin da alama layi ɗaya ya katse.

Inbatoci da yawa suna ajiye jimillar kWh na yini. Wannan lamba ta fi ta tsakar rana amfani. A yankin Kano da Katsina da Maraɗi, hasken yini guda yana daidai da kusan awa biyar da rabi zuwa shida na cikakkiyar rana, yana raguwa a tsakiyar damina. Ana ninka ƙarfin farantai da waɗannan awanni, sannan a ɗauki kashi uku cikin huɗu. Ga farantan W 1,200, wannan ya kai kusan kWh 5 a yini.

## Karatun batirin dalma

Batirin dalma da asid, wanda Gaston Planté ya ƙirƙiro a Faransa a shekarar 1859, har yanzu ana amfani da shi sosai a shaguna, musamman dogon nan mai shan ruwa da ake kira tubula. Kowane batir mai bolt 12 yana da ɗakuna shida da ake kira sel, kowanne yana ba da bolt 2 da ɗan kai.

### Lokacin hutawa

Bolt yana nuna yawan caji ne kawai idan batir ya huta, wato ba ya shan caji, ba ya ba da wuta, na aƙalla awa ɗaya ko biyu. A shago, lokacin da ya fi dacewa shi ne da asuba kafin rana ta hau kan farantai, bayan an kashe lodi. Lambobin da ke ƙasa ƙiyasi ne, kuma suna ɗan bambanta tsakanin kamfanoni.

| Yawan caji | Batir mai 12 | Tsarin 24 | Tsarin 48 |
|---|---|---|---|
| Cike | 12.7 | 25.4 | 50.8 |
| Kashi 75 | 12.4 | 24.8 | 49.6 |
| Kashi 50 | 12.2 | 24.4 | 48.8 |
| Kashi 25 | 12.0 | 24.0 | 48.0 |

Abin lura shi ne batir mai bolt 12 da ya nuna 12.0 yana gab da ƙarewa. Tazarar da ke tsakanin cikakke da wanda ya kusa ƙarewa ba ta kai bolt ɗaya ba, don haka lambar da ke bayan ɗigo ita ce mai muhimmanci. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada a riƙa sauke batirin dalma ƙasa da rabi a kullum. Inbatoci da yawa kuwa suna zuwa ne da saitin da ba ya yanke wuta sai batir ya kai wajen bolt 10.5, wato 21 a tsarin 24. Shagon da ke jira sai inbata ta yi ƙara kafin ya rage lodi yana tsotse batirinsa ne har ƙasa kowane dare.

### Lokacin caji

Caji yana bin matakai uku. A matakin farko, wanda allo ko littafin inbata ke kira Bulk, batir yana karɓar duk wutar da aka samu, bolt kuma yana hawa a hankali. Ga batir mai Ah 200, amfiya 20 zuwa 30 ita ce daidai. A mataki na biyu, Absorption ko CV, bolt yana tsayawa a wajen 14.4 zuwa 14.8 ga kowane batir mai ruwa, amfiya kuma tana sauka da kanta. Wannan yana ɗaukar awa biyu zuwa uku. Ana cewa batir ya cika ne idan amfiyar ta sauka zuwa kusan kashi 2 cikin 100 na girmansa, wato wajen amfiya 4 ga mai Ah 200. Daga nan sai mataki na uku, Float, inda bolt ke komawa 13.5 zuwa 13.8.

Lafiyayyen tsari yana kai mataki na biyu da rana tsaka, ya kai na uku kafin la'asar, a mafi yawan kwanakin mako. Idan bolt bai taɓa kai 28.8 a tsarin 24 ba, batirin ba ya cika. Wannan yana da haɗari, domin idan batirin dalma ya daɗe bai cika ba, wani gishiri da ake kira salfet yana daskarewa a kan farantan dalmar da ke cikinsa, ya rage masa girma, kuma galibi ba ya komawa yadda yake.

Saurin cika ma ba alamar lafiya ba ce. Batirin da ya wayi gari a ƙasa, sannan ya nuna ya cika da ƙarfe goma na safe, ya yi kama da randar da laka ta cinye cikinta: ruwa kaɗan ne ke cika ta, kuma nan da nan take ƙarewa. Ana tabbatar da hakan da lissafi. Idan amfiya 20 ce ta shiga na awa biyu, Ah 40 ke nan, kuma wannan ba zai cika batir mai Ah 200 da aka sha rabinsa ba.

### Ƙarƙashin lodi

Idan aka kunna lodi, bolt yana ɗan sauka, idan aka kashe ya dawo. Injin firiza ko firji yana jan wutar da ta ninka ta aikinsa sau da yawa a daƙiƙar da yake tashi, don haka ɗan nutsewa da dawowa nan take ba matsala ba ne. Abin damuwa shi ne bolt ya faɗi da bolt biyu ko fiye a tsarin 24 saboda lodi matsakaici, sannan ya yi tsalle ya koma sama da zarar an kashe. Wannan yana nuna ɗaya daga abu biyu, ko batir ya tsufa, ko kuma akwai matsala a waya.

Ana bambance su da mitar hannu, wadda ake kira maltimita. Yayin da lodi ke kunne, sai a auna bolt a kan batirin kansa, a kwatanta da abin da allo ke nunawa. Bambancin 0.2 ko 0.3 ba komai ba ne. Idan ya haura rabin bolt, to wuta tana ɓacewa a hanya: ko waya ta yi siriri, ko noti ya saki, ko kan batir ya yi farin gari. Irin wannan wuri yakan yi zafi idan an taɓa rufinsa.

### Auna kowane batir shi kaɗai

Allon inbata yana nuna jimilla ne kawai. Bolt 24.0 yana iya zama 12.0 da 12.0, yana kuma iya zama 12.5 da 11.5. A haɗin jere, batir mafi rauni shi ke ƙayyade ƙarfin duka. Baturan da ke lafiya ba sa bambanta da fiye da 0.1 ko 0.2. Batirin da ya rasa girmansa yana riga ɗan'uwansa hawa lokacin caji, ya kuma riga shi faɗuwa da dare. A batir mai ruwa ana iya ƙara tabbatarwa da haidiromita, wani bututun gilashi da ke auna kaurin ruwan asid a kowane sel. Cikakken sel yana nuna wajen 1.24 zuwa 1.27 gwargwadon ƙirar batirin, kuma idan sel ɗaya ya gaza sauran da 0.05 ko fiye, shi ne mai ciwon.

## Karatun batirin litiyom

Nau'in litiyom da ake sa wa sola shi ne wanda ake rubutawa LiFePO4. Kowane sel yana da bolt 3.2, ana haɗa takwas su ba da 25.6, ko sha shida su ba da 51.2. Teburin dalma ba ya aiki a kansa, domin bolt ɗinsa kusan ba ya motsi a mafi yawan tafiyarsa. Mai sel takwas yana iya tsayawa tsakanin 26.0 da 26.8 tun daga kusan cike har zuwa ragowar kashi ɗaya cikin huɗu, sannan ya faɗi da sauri.

Maimakon bolt, ana dogaro ne da wata ƙaramar na'ura da ke cikin batirin, mai suna BMS, wadda ke ƙidaya wutar da ta shiga da wadda ta fita. Ita ce ke ba da SOC, wato yawan cajin da ya rage, wasu kuma suna ba da SOH, wato girman da ya rage wa batirin idan aka kwatanta da sabo. Ƙidayar SOC tana karkacewa idan aka daɗe ba a cika batirin ba, har a ga ya yi tsalle daga 40 zuwa 10 ba zato. Cika shi ɗari bisa ɗari lokaci zuwa lokaci yana gyara ƙidayar. Idan allo ko manhajar waya tana nuna bolt ɗin kowane sel, ana duba tazarar mafi girma da mafi ƙanƙanta a kusa da cika. Tazarar da ta haura 0.1 tana nuna sel ɗin ba su daidaita ba, kuma hakan na sa BMS ta yanke caji ko wuta da wuri.

## Misalin shagon kayan masarufi

Misalin da ke tafe na lissafi ne, domin nuna yadda ake haɗa lambobin. Shagon kayan masarufi ne a Kano a watan Janairu. Yana da farantai huɗu masu W 300, inbata mai bolt 24 da ke ɗaukar W 2,000, da baturan tubula biyu masu bolt 12 da Ah 200 a jere. Ƙorafin mai shago shi ne inbata ta fara ƙara tana yanke wuta wajen ƙarfe biyu na dare, ya wayi gari lemo da ruwan leda sun huce a firiza.

Mataki na farko shi ne sanin abin da ya kamata a gani. Daga ƙarfe shida na yamma zuwa goma, firiza da fanka da talabijin da fitilu da cajin waya suna cin W 300, wato Wh 1,200. Daga goma zuwa shida na safe firiza ce kaɗai, tana tashi tana tsayawa, matsakaicin W 60, wato Wh 480. Idan aka ƙara abin da inbatar kanta ke ci, jimilla ta kai kusan Wh 2,000. Baturan suna riƙe Wh 4,800, don haka ya kamata su wayi gari da kusan kashi 58 cikin 100, a wajen bolt 24.5. Lodin dare bai fi ƙarfin baturan ba. Matsalar tana wani wuri.

Mataki na biyu shi ne duba rana. Da tsakar rana PV ya nuna W 620, batir yana bolt 26.2, bai cika ba. Bolt mafi girma da ya kai a yinin shi ne 27.0, jimillar yini kuma kWh 3.1. Shagon yana cin kusan kWh 2 da rana, saura 1.1 ke nan ga batir. Batirin kuwa yana buƙatar kusan 2.4 domin ya mayar da 2 da ya bayar, saboda ba duk wutar da ta shiga batirin dalma ke zama ba. Ke nan kullum ana bin batirin bashin fiye da kWh 1. Da aka hau rufi sai aka tarar ba a wanke farantai ba tun ƙarshen damina. Bayan wanki da sassafe, PV ya koma W 870, jimillar yini ta kai 4.6, batir kuma ya kai 28.8 wajen ƙarfe biyu na rana.

Duk da haka, bayan kwana uku wutar ta ci gaba da ɗaukewa, sai dai ta koma wajen asuba. Mataki na uku shi ne awo da maltimita da ƙarfe goma na dare, lodi yana kunne. Allo ya nuna 23.2, kan batura ya nuna 23.4. Bambancin 0.2 ya wanke waya daga zargi. Amma da aka auna su ɗaya ɗaya, na farko ya nuna 12.2, na biyu 11.2. A wannan lokaci an ja amfiya 14 na awa huɗu, wato Ah 56, wanda bai kai kashi 30 cikin 100 na girman batirin ba. Lambar na farko ta dace da hakan, ta na biyu ba ta dace ba. Washegari da rana, lokacin da jimilla ke 28.8, na biyu yana 14.9, na farko yana 13.9. Wanda ya riga faɗuwa shi ne ya riga hawa.

Lambobin sun nuna matsala biyu masu alaƙa. Ƙura ta hana batura cika na tsawon makonni, rashin cika kuma ya lalata mafi rauni a cikinsu. Da mai shago ya sayi sababbin batura ba tare da wanke farantai ba, da su ma sun bi hanya ɗaya. A irin wannan hali mai gyara yakan fara gwada cajin daidaitawa, wanda allo ke kira Equalization, bisa umarnin kamfanin batirin, kuma a batir mai ruwa kawai ake yinsa. Idan tazarar ba ta ragu ba, ana sauya baturan biyu tare, domin sabo da tsoho a jere ɗaya ba sa cika daidai.

## Jadawalin dubawa

Karatu sau uku a yini ya isa a gane halin tsarin. Ana rubuta shi a littafi, domin sauyin da ke faruwa cikin makonni ya fi lambar rana guda faɗin gaskiya.

| Lokaci | Abin dubawa | Alamar lafiya a tsarin 24 na dalma |
|---|---|---|
| Asuba, lodi a kashe | Bolt ɗin batir | 24.4 ko sama |
| Tsakar rana | W na PV, amfiyar caji | Kashi 70 zuwa 80 na ƙarfin farantai |
| La'asar | Matakin caji | Ya kai 28.8, ya sauko wajen 27.2 |

Lodi na kullum an fi so ya tsaya ƙasa da kashi 70 ko 80 cikin 100 na ƙarfin inbata, domin a bar wa firiza sararin tashi. Lambobin kuskure da ke fitowa tare da jar fitila ba su da ma'ana ɗaya a duk kamfanoni, don haka ana duba su ne a littafin wannan inbatar.

## Iyaka da kariya

Zafi yana sauya lambobi da kuma rayuwar batir. An tsara lambobin caji ne a kan digiri 25. Batirin dalma da ke zaune a wuri mai zafi yana buƙatar bolt ɗin caji ƙasa da haka kaɗan, kuma rayuwarsa tana raguwa da kusan rabi a duk ƙarin digiri 8 zuwa 10. A shagon kwantena ko mai rufin kwano, inda zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, batir yakan sha ruwa da sauri ko da sauran lambobi suna daidai. Tataccen ruwa kaɗai ake ƙara masa, ba ruwan famfo ko na rijiya ba, ba kuma asid ba.

Bolt ba ya auna ainihin girman da ya rage wa batir. Wannan sai da gwajin sauke caji, inda ake cika batirin, a jona masa lodin da aka san nauyinsa, a ƙidaya awannin da zai ɗauka.

Batir mai ruwa yana fitar da iskar haidirojin lokacin caji, wadda ke kamawa da wuta, don haka ba a kusantarsa da ashana ko taba, kuma ana ajiye shi inda iska ke shiga. Sifana ko zobe da ya haɗa kan batir biyu yana iya jawo tartsatsi mai ƙona hannu. Layin farantai a wasu inbatoci yana kai bolt ɗari uku ko huɗu muddin akwai rana, ko da an kashe inbatar. Karanta allo da auna kan batir mai 12 abu ne da mai shago zai iya koya, amma buɗe inbata, taɓa wayar farantai da sauya saitin caji aikin ƙwararren mai gyara ne.

## Duba kuma

* Wutar sola
* Batir
* Inbata
* Hunturu